Daga Dawanau Zuwa Teburin Bature: Yadda Ake Mayar da CV Turanci

Da wuya ka ga wanda ya zauna ya rubuta CV ɗinsa da Hausa daga farko har ƙarshe, amma kusan duk CV ɗin da Bahaushe ya aika waje da Hausa aka fara shi. Ko dai mutum ya tsara maganar a zuciyarsa sannan ya riƙa juya ta Turanci jimla bayan jimla, ko kuma ya je shagon buga takardu ya zauna kusa da mai kwamfuta, ana tambayarsa yana ba da amsa. "Wane aiki ka taɓa yi?" Ya faɗa da Hausa, mai shago ya buga da Turanci nan take, a ɗora a kan tsohon CV ɗin wani da ya rage a cikin kwamfutar, a canza suna da lambar waya, a biya kuɗi a tafi. Idan takardar a Kano ko Kaduna za ta tsaya, babu wata babbar matsala, domin mai karantawa ya san abin da ake nufi ko da Turancin ya karkace. Shi ma da Hausa yake karanta ta a ransa. Matsalar tana tasowa ne ranar da takardar ta faɗa hannun wata jami'ar ɗaukar ma'aikata a Nairobi ko Janiba, ko wani malamin jami'a a Birtaniya, wanda bai taɓa taka Kano ba, ga shi kuma da tarin takardu a gabansa, ba shi da lokacin yin kirdado.

Mu ɗauki misalin wani matashi, irin wanda kowa ya san kamarsa. Ya yi babbar difloma ta HND a fannin harkokin kasuwanci, ya yi bautar ƙasa a wata sakandare a jihar Binuwai, ya dawo gida aikin gwamnati bai samu ba, sai kawunsa ya jawo shi kasuwar hatsi ta Dawanau. Tun shekarar 2018 yana can. Da yamma yana koyarwa a Islamiyyar unguwarsu, kuma shi ne sakataren ƙungiyar 'yan sintiri. Yanzu wata ƙungiyar agaji ta ƙasa da ƙasa tana neman mai kula da rumbun ajiyar abinci, aikin da ya fi shekara shida yana yi da hannunsa. Da aka tambaye shi a shagon buga takardu, ga abin da ya ce: "Ni yaron shago ne a wurin maigidana a Dawanau, ni nake riƙe da sito, ina kuma lura da leburori." Ga abin da ya fito a takarda:

```
Shop boy to my master at Dawanau market, 2018 till date.
I hold the store and look after labourers.
```

Babu kalma ɗaya a nan da ƙamus zai ƙaryata. Amma dubi abin da baƙo zai gani. A Hausa, magidanci mai shekara arba'in da 'ya'ya biyar yana iya zama yaron wani a kasuwa, ba tare da an rage masa komai ba. Sau da yawa ma yaron shago shi ne amintacce, mai makulli, wanda ya fi mai dukiyar sanin abin da ya shiga da abin da ya fita. A Turanci "boy" ƙaramin yaro ne ko ɗan aike, kuma a Amurka kiran baƙar fata baligi da wannan kalma zagi ne mai tarihi tun zamanin bauta da wariyar launin fata. In aka haɗa ta da "master", kalmar da ake kiran ubangijin bawa da ita, an gama ɓata hoton. "Hold the store" ba ya nuna ajiya ko lissafi, sannan "look after" an fi yin sa ga yara da marasa lafiya. Mai karatu zai fahimci cewa wannan ɗan aike ne a wani ƙaramin kanti, ya ture takardar gefe, alhali mutumin da yake nema ne ya wuce ta gabansa.

Gyaran ba ya hannun ƙamus. Idan ka sauya "boy" da "assistant" ka rage muni, amma har yanzu ba ka faɗi komai ba. Dole mai fassara ya ajiye alƙalami ya koma mai tambaya. Sito nawa ne? Biyu. Me ake ajiyewa? Masara da wake. Idan kaka ta yi aka cika su, buhu nawa suke ci? Kamar dubu uku. Wa yake rubuta abin da ya shiga da wanda ya fita? Ni. 'Yan dako nawa ne a ƙarƙashinka, kuma wa yake sallamar su? Goma sha biyu, ni nake biyan su kullum da yamma. Kana zuwa sayayya? Ina zuwa kasuwannin ƙauye a Kano da Jigawa, in yi ciniki da dillalai, in duba kaya, in sa a auna a loda. Cikin minti goma, "yaron shago" ya warware ya zama ayyuka huɗu da kowane ma'aikacin rumbu a duniya ya sani: ajiya, lissafin kaya, shugabancin ma'aikata da sayayya. Su za a rubuta.

```
Storekeeper and Purchasing Assistant
Family-owned grain wholesaler, Dawanau grain market, Kano, Nigeria
March 2018 - present
- Manage two warehouses holding up to 300 tonnes of maize and cowpea
- Supervise 12 loaders; keep daily stock and payment records
- Buy grain from rural markets in Kano and Jigawa states
```

Akwai ƙananan abubuwa a cikin wannan gyara da suka cancanci a tsaya a kansu. Buhu dubu uku ya koma tan 300, saboda buhu ba awo ba ne a wurin baƙo. Ko a wurinmu ma buhun taki kilo 50 ne, na masara kan kai kilo 100, na busasshen zoborodo kuwa bai kusanci ko ɗaya daga cikinsu ba. In ka ce buhu kawai, ka bar mai karatu cikin duhu. Haka mudu da tiya da kwano. Wake ya zama "cowpea", domin in ka ce "beans" Bature zai ɗauka wani iri ne daban da namu. Haka dawa, wadda Turancin Najeriya ke kira "guinea corn", duniya ta fi sanin ta da "sorghum", riɗi kuma "sesame", ba "beniseed" ba. An ƙara kalmomi biyu a jikin sunan Dawanau don a san kasuwar hatsi ce, an kuma rubuta sunan ƙasa, tunda ba kowa ne ya san inda Kano take ba, duk da mu Kanawa ba ma son jin haka. Shi kuwa "till date" Turancin gida ne, a waje "present" ake sawa.

Da matashin ya so ya ambaci kuɗi, nan ma akwai tarko. Naira miliyan hamsin ta farkon 2023 ba ita ce ta 2024 ba: kafin a saki farashin canji a watan Yunin 2023 dala ɗaya tana wajen naira 460 a hukumance, a farkon 2024 kuwa ta haura 1,500. Saboda haka ko dai a rubuta kuɗin tare da shekararsa da kwatankwacinsa da dala a wancan lokaci, ko a bar maganar kuɗi a tsaya a kan tan, wanda ba ya hawa ba ya sauka. Mutanen Nijar sun huta da wannan, domin sefa a ɗaure take da yuro a kan 655.957.

Wani abin da ke rage wa takardun mutanenmu ƙarfi shi ne tarbiyyarmu kanta. An raine mu a kan cewa yabon kai jahilci ne, harshenmu kuma ya tanadar mana hanyoyin kauce wa "ni". Mutum zai gina abu da hannunsa, in ka tambaye shi ya ce "an samu an yi", ko "mun ɗan taɓa", ko "na taimaka gwargwadon iko". Bahaushe in ya ji haka ya san wa ya yi aikin. In aka kwashe wannan ladabi aka zuba shi a Turanci yadda yake, sai ya fito da "assisted" da "helped" da "participated" a kowane layi, mai karatu kuwa zai ɗauke su a zahirinsu, wato wani ne ya yi aikin kai kana gefe. Matashinmu ya fara cewa yana taimaka wa kawunsa da lissafi. Da aka matsa masa, ashe kawun rabonsa da buɗe littafin lissafin nan ya fi shekara uku. To wannan ba taimako ba ne, aikinsa ne, kuma a rubuta shi a matsayin nasa. Wani sauƙi da tsarin CV na Turanci ya zo da shi, ba a sa "I" a farkon layi. Da aikatau ake farawa kai tsaye. Mai kunya zai iya faɗar duk abin da ya yi ba tare da ya ce "ni" ko sau ɗaya ba.

Ɗaya gefen kuma ya fi haɗari, kuma masu shagunan buga takardu sun fi faɗawa cikinsa don su faranta wa mai biyan kuɗi. Da zarar an gane "shop boy" bai yi ba, sai a yi tsalle a rubuta "Managing Director" ko "Head of Logistics". Ƙungiyoyin waje suna kiran waɗanda ka ba da sunayensu a matsayin shaidu, suna kuma tambaya a ganawa: ma'aikata nawa ke ƙarƙashinka, wa kake kai wa rahoto, wace manhaja kake lissafi da ita. Wanda ya kira kansa shugaban sashe, sannan aka gano sashen shi kaɗai ne da littafi mai bangon kwali, ya zubar da har gaskiyar da ke cikin takardarsa. Ma'aunin da nake ganin ya fi dacewa mai sauƙi ne. A mayar da muƙamin da aka rubuta zuwa Hausa, a karanta wa maigidan. Idan kawu ya ji "mai kula da sito kuma mataimaki wajen sayayya" ya gyaɗa kai, an yi daidai. Idan ya ji "babban darakta" ya ce "to ni kuma mene ne?", a goge. Kuma a sanar da shi tun da wuri cewa za a iya kiran sa da Turanci daga baƙuwar lamba, kada ya kashe wayar yana zaton 'yan damfara ne.

Sai maganar sintiri. A Najeriya kalmar "vigilante" ta zama gama-gari, har a jikin motoci da riguna ana rubuta ta, kuma mutum yana alfahari da cewa yana cikin masu tsaron unguwa. A Turancin Birtaniya da Amurka kuwa, ma'anarta mutumin da ya ɗauki doka a hannunsa, yana kamawa yana hukuntawa ba da izinin kowa ba. Ka yi tunanin jami'in ƙungiyar agaji, wadda duk aikinta ya dogara a kan a san ba ta tare da masu makami, ya ga "Secretary, Vigilante Group" a takardar mai neman aiki daga arewacin Najeriya. Idan abin da ƙungiyar take yi shi ne zagayen dare da fito da tocila tare da sanin mai unguwa da 'yan sanda, "neighbourhood watch" ne ya fi kusa da ita, kuma abin da ya kamata a fito da shi shi ne aikin sakataren: rubuta bayanan taro, tara kuɗin wata-wata daga gidaje, tsara jadawalin masu kwana. Ni dai a ganina, in aikin da ake nema bai shafi hulɗa da al'umma ba, gara a cire layin gaba ɗaya. Ba duk alherin da mutum ya yi ne yake da gurbi a shafi biyu ba.

Koyarwar Islamiyya ba ta da wannan matsala, in dai an bayyana ta. "Islamiyya teacher" kaɗai bai isa ba. A ce malamin Larabci da Alƙur'ani a makarantar yamma ta al'umma, ɗalibai arba'in 'yan shekara shida zuwa sha biyu, kwana biyar a mako. Wanda ya yi hadda shi ma ya rubuta cewa ya haddace Alƙur'ani gaba ɗaya, da shekarar da ya kammala, maimakon ya sa "Hafiz" ko "Alaramma" ya yi gaba. Ita kalmar malam ma sai an yi hattara da ita, domin a Hausa ta fi aji faɗi. Malamin gona ba koyarwa yake a makaranta ba, jami'in faɗakar da manoma ne, sunansa a Turanci "agricultural extension officer". Malamin asibiti ma'aikacin lafiya ne. A ƙauye kuwa duk mai farar riga likita ne, duk mai gyaran janareta injiniya ne, mai shagon magani kuma ana ce masa kemis. Waɗannan kiraye-kiraye na girmamawa su tsaya a baki. A ƙasashe da yawa laifi ne mutum ya kira kansa likita ko nas ko mai haɗa magunguna ba shi da rajista, saboda haka wanda ya yi CHEW ya rubuta cikakken sunan takardarsa, "Community Health Extension Worker", ya faɗi abin da yake yi a asibitin.

Duk abin da muka faɗa zuwa nan a kan aiki ne, inda ake warware suna a fito da abin da ke cikinsa. Takardun karatu kuwa dokarsu akasin haka ce: ba a taɓa sunansu. Yadda aka buga a jikin shaidar, haka za a kwafe, sannan a ƙara ɗan gajeren bayani a gaba. Matashinmu HND gare shi, kuma za a ba shi shawara ya rubuta digiri "tunda ai duk ɗaya ne". Kada ya yarda. Ba mai neman aiki ne yake yanke hukuncin daidaiton takardu ba. Akwai hukumomin da aikinsu ke nan, irin su WES a Amurka da Kanada, da UK ENIC a Birtaniya, wadda kafin 2021 ake kira UK NARIC. Ranar da aka nemi kwafin shaidarsa aka ga ta saɓa da abin da ya rubuta, sunan abin ƙarya, ba fassara ba. Abin da zai yi shi ne ya rubuta "Higher National Diploma" a cike, ya bayyana cewa karatun shekara huɗu ne a kwalejin kimiyya da fasaha, biyu na ND biyu na HND, da shekarar sanin makamar aiki a tsakani. Mai NCE ya fi kowa buƙatar irin wannan bayani, domin kalmar "Certificate" da ke cikin sunan takan sa baƙo ya zaci kwas ne na 'yan makonni, alhali shekara uku ce cur a kwalejin ilimi, kuma ita ce mafi ƙarancin shaidar koyarwa a Najeriya.

Maki ma ba a barin sa tsirara. Yawancin jami'o'in Najeriya a kan 5.0 suke auna sakamako, Amurkawa kuwa a kan 4.0. Wanda ya rubuta 3.8 kawai, Ba'amurke zai ɗauka gwani ne na gaban aji, ranar da ya gane a kan biyar ne sai ya ji kamar an yaudare shi. Wanda kuma ya rubuta 4.6, za a zaci kuskuren bugu ne. A sa 3.8/5.0, magana ta ƙare. 'Yan uwanmu na Maraɗi da Damagaram, da suke ratsawa ta Faransanci kafin su iso Turanci, nasu tarkon daban ne. Digirin farko a can sunansa "Licence", kalmar da a Turanci take nufin lasisi irin na tuƙi, don haka a bar ta da Faransancinta a bayyana cewa digirin jami'a ne na shekara uku. Maki 14 cikin 20 kuma a tsarin Faransa sakamako ne mai kyau ƙwarai, mai lambar yabo ta "Bien", amma in aka mayar da shi kashi 70 cikin ɗari Ba'amurke zai ga tsaka-tsaki ne. A bar shi 14/20 tare da lambar yabonsa.

Bautar ƙasa tana da nata abin dariya. Duk ɗan Najeriya ya san NYSC, shirin da gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa a 1973, amma baƙo bai sani ba. Wanda ya bi Hausar ya rubuta "national slavery" ko "country worship" ya yi ɓarna babba, wanda ya rubuta "corper" kuma ya yi amfani da kalmar da babu ita a wajen Najeriya. Sai kuma "passed out in 2017": a wurinmu ya gama hidima ke nan, a kunnen Ba'amurke kuwa suma ya yi. Matashinmu zai sa shekarar a cikin jerin ayyukansa, domin aiki ne ya yi: malamin lissafi a sakandare, a ƙarƙashin hidimar ƙasa ta shekara ɗaya da ta wajaba a kan waɗanda suka gama manyan makarantu. Haka nan watannin sanin makamar aiki da ɗalibai ke kira "IT". A waje waɗannan haruffa biyu fasahar kwamfuta suke nufi, sai ka ga an ɗauka mutum masanin kwamfuta ne alhali a kamfanin taki ya yi wata shida. "Internship" ko "industrial placement" ake cewa.

Suna kuwa fasfo ne alƙali. Mu mun saba mutum ɗaya ya zama Muhammadu a gida, Muhammad a takardar firamare, Mohammed a ta WAEC, Moh'd a katin banki, kuma babu wanda zai ce ba shi ba ne. Kwamfutar ofishin biza ba ta san wannan zumunci ba. A rubuta suna a CV harafi da harafi yadda yake a fasfo, in kuma takardun makaranta sun saɓa, a tanadi takardar rantsuwa ta kotu tun kafin a tambaya. Tsarin sunayenmu ma yana rikita baƙi: da yawa sunan mahaifi ne na biyu, wasu kuma sunan gari, kamar yadda tarihi ya san Malam Aminu Kano da Alhaji Shehu Shagari. Babu laifi a ciki, illa dai mutum ya tsaya a kan guda ɗaya a matsayin sunan iyali, wanda fasfonsa ya nuna, kada ya riƙa jujjuya su daga takarda zuwa takarda. Alhaji da Hajiya da Malam ba sa shiga, domin baƙo zai ɗauka sunan yanka ne, ka ga wasiƙa ta zo da "Dear Alhaji". Sarauta irin ta Sarkin Noma ko Sarkin Kasuwa, in tana da alaƙa da aikin, a bar ta da Hausarta a bayyana cewa shugabancin manoma ne ko na 'yan kasuwa da masarauta ke naɗawa. "King of Farming" ba zai jawo komai ba sai murmushi.

Kwanan wata a rubuta sunan watan da haruffa, domin 03/04/2019 uku ga Afrilu ne a wurinmu, huɗu ga Maris a Amurka. Lambar waya ta fara da +234 ko +227, ɗan Najeriya kuma ya cire sifirin farko.

Akwai kuma abin da fassararsa ita ce a goge shi. CV ɗin gida yakan buɗe da jerin bayanai: ranar haihuwa, jinsi, addini, aure, jihar asali, ƙaramar hukuma, wani lokaci har da ƙabila da hoto. Wannan yana da dalili a Najeriya, inda tsarin rabon muƙamai tsakanin jihohi ya sa ake tambayar asalin mai neman aikin gwamnati. A Amurka kuwa dokar 'yancin jama'a ta 1964 ta haramta nuna bambanci wajen ɗaukar aiki saboda launin fata ko addini ko jinsi ko asali, wata dokar ta 1967 ta ƙara da shekaru, Birtaniya ma tana da dokar daidaito ta 2010. Saboda haka masu ɗaukar aiki a can ba sa son ganin waɗannan bayanai, don kada a zarge su da cewa da su suka yi hukunci. Ba ko'ina ne haka ba: a Jamus har yanzu da yawa suna sa hoto, kamfanonin ƙasashen Larabawa na yankin Gulf kuma sukan nemi hoto da shekaru da ƙasar mutum. Sai a duba inda takardar za ta. Amma sunan ƙaramar hukumarka, ɗaya daga cikin 774, babu wanda zai amfana da shi a wajen Najeriya. Haka dogayen gaisuwa da addu'a da roƙo, irin su "ina fata za a dube ni da idon rahama". A wasiƙar Hausa ladabi ne, a CV na Turanci kuwa sai su sa a ga kamar mutum ba shi da abin nunawa sai bara. Gurbin da suka cinye a ba harsuna: Hausa harshen uwa, Turanci da Larabci kowanne da matakinsa na gaskiya. Ga ƙungiyar da za ta yi aiki a Borno ko Diffa ko Maraɗi, jin Hausa ƙwarewa ce da ake nema, amma sau da yawa mutanenmu su suke mantawa su rubuta ta.

In an gama, kada a ba wa abokin da kuka taso tare ya duba, domin shi zai cike duk giɓin da ke ciki da abin da ya riga ya sani a kanka. A nemi wanda ba ya jin Hausa kuma bai san Dawanau ba, ko da ɗan bautar ƙasa ne da aka turo daga kudu, in an samu wanda ba ɗan Najeriya ba ma ya fi. A ba shi minti ɗaya ya karanta, a karɓe takardar, sannan a tambaye shi: wane aiki mutumin nan yake yi, kuma me girman abin da ke hannunsa? In ya ce mai kula da rumbun hatsi ne na tan ɗari uku da ma'aikata goma sha biyu, a aika. In ya tsaya yana tambayar me wata kalma take nufi, a ja layi a ƙarƙashinta, a koma wurin mai takardar a sake tambayarsa abin da yake yi da hannunsa.